Tantance amsar lissafi

Tantance amsar lissafi mataki ne da ɗalibi ke ɗauka domin gano kuskure kafin ya miƙa aikinsa. An fi amfani da hanyoyi biyu: mayar da amsa cikin tambaya, da kuma ƙiyasi.

A hanya ta farko, ana sanya amsar da aka samu a gurbin harafin da ake nema. Misali, a 3x + 5 = 20, idan amsar ita ce 5, to 3 × 5 + 5 zai ba da 20, ɓangarorin biyu sun daidaita ke nan. Da 7 aka samu, da jimillar ta zama 26, alamar akwai kuskure. Ana yin wannan gwaji ne a ainihin tambayar, domin layukan tsakiya suna iya ɗauke da kuskuren da ake nema.

Shi kuwa ƙiyasi, ana mayar da lambobi ne zuwa cikakkun gomomi mafi kusa. Wato 48 × 21 ya kusa da 50 × 20, wanda yake 1,000. Saboda haka 1,008 amsa ce mai yiwuwa, amma 108 ba ta yiwuwa. Sai dai ƙiyasi manyan kurakurai kawai yake kamawa: ba zai bambance 1,008 da 1,018 ba.