Jawabi ɗaya, fahimta uku: nazariyyar Stuart Hall da jawabin Buhari kan sauyin kuɗi

Nazariyyar ƙulla saƙo da warware shi tana bayyana dalilin da ya sa mutane ke sauraron shiri ɗaya a rediyo ko talabijin, amma kowa ya tashi da tasa ma'anar. Stuart Hall, masanin al'adu haifaffen Jamaika, shi ya gabatar da ita a 1973 a Jami'ar Birmingham ta Birtaniya. A ganinsa, mai shirya saƙo yana ƙulla shi ne da ma'anar da yake so a ɗauka, ta hanyar kalmomin da ya zaɓa da abin da ya yi shiru a kansa. Shi kuwa mai sauraro yana warwarewa ne da abin da rayuwa ta koya masa.

Matsayi uku na mai sauraro

Hall ya ce mai sauraro kan tsaya a ɗayan matsayi uku. Na farko ya karɓi saƙon yadda aka nufa. Na biyu ya yarda da manufar, amma ya ce ba ta dace da halin da yake ciki ba. Na uku ya gane abin da ake nufi sarai, sai dai ya auna shi da wani ma'aunin dabam ya ƙi shi.

Jawabin 16 ga Fabrairu, 2023

A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin kuɗin suka yi ƙaranci, layuka suka cika bankuna. Da safiyar 16 ga Fabrairu, 2023, kwana 9 kafin zaɓen shugaban ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi. Ya jajanta wa jama'a, ya amince a ci gaba da karɓar tsohuwar 200 kaɗai har 10 ga Afrilu, sannan ya kare manufar da cewa za ta rage tasirin kuɗi a zaɓe, ta kuma karya lagon masu karɓar kuɗin fansa. Ma'anar da aka ƙulla ke nan: wahala ce ta ɗan lokaci domin gyara mai ɗorewa.

A ɗauki misalin mutum uku a birnin Katsina. Ma'aikacin da albashinsa ke shiga banki, wanda ya gaji da ganin ana sayen ƙuri'a, zai iya jin jawabin ya ce daidai ne. Ɗan kasuwar hatsi da ke saro kaya a kasuwar Charanci zai iya yarda cewa a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi, amma ya ce manomin da yake saye a hannunsa ba shi da asusu, tsabar kuɗi kawai ya sani. Matashin da ya wuni a layin banki, sannan mai POS ya yanki kaso mai tsoka kafin ya ba shi kuɗinsa, zai iya jin kalmar haƙuri a matsayin shaida cewa masu mulki ba sa ɗanɗana abin da suke jawowa. Dukkansu sun fahimci jawabin, ma'auninsu ne ya bambanta.

Saɓanin bai tsaya kan talakawa ba. Gwamnatin Jihar Katsina, mahaifar shugaban, ƙarƙashin Aminu Bello Masari na jam'iyyarsa ta APC, tana cikin jihohin da suka ƙalubalanci manufar a Kotun Ƙoli, wadda a 3 ga Maris ta tsawaita wa'adin tsofaffin kuɗin zuwa 31 ga Disamba.

Ƙulli na biyu

Da Turanci aka yi jawabin, don haka masu sauraro da yawa a Katsina sun same shi ne ta fassarar Hausa a rediyo, ko a majalisa. Editan da ya buɗe labarinsa da cewa an dawo da tsohuwar 200 ya ba da labarin sassauci. Wanda ya buɗe da cewa 500 da 1,000 sun daina aiki ya ba da labarin tsanani. Kowanne gaskiya ya faɗa, amma kowanne ya sake ƙulla saƙon.

Iyakar nazariyyar

David Morley ya gwada ta a kan shirin Nationwide na BBC, a binciken da ya wallafa a 1980. Ya tarar cewa matsayin mutum a tattalin arziki shi kaɗai ba ya nuna yadda zai fassara shiri, kuma wasu ma ba su ga shirin ya shafe su ba balle su yarda ko su ƙi. Akwai kuma haɗarin cakuɗa rashin fahimta da rashin yarda. Hanyar rarrabewa ita ce a nemi mai sauraro ya maimaita abin da aka faɗa. Idan ya kasa, matsalar isar da saƙo ce, ƙarin bayani zai iya gyarawa. Idan ya maimaita daidai kuma ya ƙi, to wayar da kai ba za ta sauya shi ba, domin da manufar kanta yake jayayya.