Cike bayanin harajin shekara a Legas: me saƙonnin kuskure ke nufi?

Mai aikin kansa a Legas yana shigar da bayanin kuɗin da ya samu bara a shafin eTax na LIRS, da lambarsa ta Payer ID. Ranar ƙarshe ita ce 31 ga Maris.

In ka ga "Session expired", ka daɗe ne ba ka taɓa shafin ba. Sake shiga, amma abin da ba ka adana ba ya tafi, don haka ka haɗa lissafinka a takarda tukuna.

"504 Gateway Timeout" kuwa matsalar na'urar shafin ce, ba taka ba. In bayan ka biya ya fito, kar ka sake biya. Duba ko banki ya cire kuɗin, ka ajiye rasit.