Abin da ya sa ake narkar da tsohuwar jarka amma ba a narkar da taya

Masana kimiyya sun kasa roba gida biyu bisa yadda take yi idan ta ji wuta. Ta farko, tamofilastik, tana laushi ta narke, idan ta huce ta daskare, kamar man kaɗanya, kuma ana iya maimaita hakan. Ta biyu, tamoset, sau ɗaya ake siffanta ta, kamar tukunyar ƙasa da aka gasa, wadda ba ta komawa laka.

Bambancin yana cikin ƙirarsu. Kowace roba ta ƙunshi dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari. A tamofilastik sarƙoƙin suna cuɗe da juna kamar tarin zare, ba tare da an ɗaure su ba, don haka zafi yana sa su zame, robar ta kwarara. A tamoset kuwa, lokacin sarrafawa ake ƙulla kowace sarƙa da maƙwabtanta, su zama raga guda kamar komar masunta. Zafin da zai tsinka waɗannan ƙulle-ƙullen yana lalata sarƙoƙin su ma, shi ya sa take ƙonewa ba tare da ta narke ba.

Jarkar mai misali ce ta kashin farko. Galibi da HDPE ake yin ta, mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku, kuma tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyas. Ana wanke ta, a niƙa, a narkar, a zuba a sabon zubi. Sai dai kowane zagaye yana raunana sarƙoƙin, abin da ke sa kayan su yi saurin tsagewa idan ba a haɗa da sabuwar roba ba.

Cakuɗawa ma tana ɓata aiki. Gorar ruwan sha PET ce, mai lamba 1, kuma sai a wajen digiri 250 take narkewa. Idan ta shiga cikin HDPE, gutsattsarinta suna zama tsakuwa-tsakuwa a cikin zubin. Ana raba su da ruwa bayan niƙa: HDPE tana tasowa sama, PET tana nutsewa.

Taya kuwa an dafa ɗankonta da farar wuta, wadda ke gina gadoji tsakanin sarƙoƙi, hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Wannan ne ke hana ta narkewa a kan kwalta mai zafi, kuma shi ne ke hana a sake zuba ta. Abin da ake iya yi shi ne a yanka ta a yi takalma ko guga, ko a niƙa ta a haɗa da kwalta. Soson katifa da gam mai kwalabe biyu da ake gaurayawa su ma wannan kashin ne.