Dahuwar wake: inda gaz da kuran suka fi ƙarewa a madafa

Idan kuɗin gaz ko na kuran ya hau, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne girkin da ke daɗewa a wuta, kuma a gidajenmu wake na cikin na gaba. Dalili kuwa, ruwa in ya tafasa ba ya wuce digri 100. Ƙara masa wuta bayan nan ba ya gaggauta nuna, tururi kawai yake ƙarawa, gaz na bin iska.

Ga lissafi na kusa. Matsakaicin resho in an buɗe shi duka yana shan wajen giram 150 na gaz a awa guda, in an rage wuta sosai kuma wajen giram 50. Rabin tiyar wake da ba a jiƙa ba, aka bar shi awa ɗaya da rabi kan babbar wuta, ya ci giram 225. In an jiƙa shi, aka rufe tukunya, minti 20 na babbar wuta da minti 40 na ƙarama kan isa, wato wajen giram 85. Gidan da ke dafa wake sau uku a mako zai tsira da kusan kilo 1,7 a wata, fiye da rubu'in buteli mai kilo 6. Haka abin yake ga reshon kuran: mai wat 1000 yana cin kilowat-awa ɗaya da rabi a awa ɗaya da rabi, don haka rage lokaci da ƙarfin wuta na ragewa a takardar Nigelec.

Jiƙon awa shida zuwa takwas ya wadatar. Lokacin zafi kada a zarce haka. In ruwan ya yi kumfa yana warin tsami, waken ya fara lalacewa. A zubar da ruwan jiƙo, a zuba sabo wanda ya ɗara waken da yatsa biyu, domin duk ruwan da ya yi yawa sai an kashe gaz wajen tafasa shi. Kanwa kaɗan na saurin tausasa wake, amma in ta yi yawa tana sauya ɗanɗano tana kuma rage masa amfani a jiki.

Shi ma reshon a duba shi. Shuɗiyar wuta ita ce mai ci daidai. In ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin kan reshon sun toshe, sai a goge su bayan ya huce. Harshen wutar da ya fito gefen tukunya kuma asara ne. In buteli na ƙarewa da wuri, a shafa ruwan sabulu a bakinsa da mahaɗin tiyo: inda kumfa ya taso nan gaz ke fita. Kada a taɓa gwadawa da ashana.