Kalkuleta Mai Ɓoyayyen Lahani: Hanyar Koya wa Ɗalibai Rubuta Gwajin Manhaja

A darasin koyon rubuta manhaja, da wuya a sami atisayen da ya kai ƙaramin kalkuleta farin jini wurin malamai. Ayyukansa huɗu ne kacal, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, kuma kowane ɗalibi ya san amsoshin tun daga firamare. Yadda aka saba, malami kan ce ɗalibi ya rubuta kalkuletan, ya rubuta masa gwaji, in gwajin ya wuce lafiya a ba shi maki. Matsayin wannan maƙala shi ne tsarin nan yana koya wa ɗalibi akasin abin da ake nufi. Yana koya masa neman gwajin da zai wuce, alhali amfanin gwaji shi ne ya faɗi a lokacin da manhaja ta karkace. Gyaran da nake kawowa shi ne malami ya karɓe aikin rubuta kalkuletan, ya ɓata shi da gangan, ya bar wa ɗalibi farautar ɓarnar.

Dabarar tana da asali a binciken masana. A 1978 Richard DeMillo da Richard Lipton da Frederick Sayward suka wallafa maƙalar da ta yaɗa hanyar auna ingancin gwaji ta dasa ƙananan kurakurai a cikin manhaja, a ga nawa gwajin zai kama. Abin da ake yi a aji ƙaramin samfurin wannan ne, da hannu.

Malami zai zo da kalkuleta ɗaya lafiyayye da aka rubuta da Python, da wasu biyar da kowanne ke ɗauke da lahani guda. A na farko `tara` yana ninkawa maimakon tarawa. A na biyu `debe` yana juya lambobin, ya cire ta farko daga ta biyu. A na uku `debe` yana zubar da alamar ƙasa da sifili. A na huɗu `raba` yana amfani da `//` maimakon `/`, wato yana sauke amsar zuwa cikakkiyar lamba ta ƙasa. A na biyar `raba` yana mayar da 0 idan aka raba da sifili. Ba a nuna wa ɗalibai cikin ko ɗaya. Abin da ake ba su shi ne sunayen ayyukan da rubutaccen bayanin abin da kowanne ya kamata ya yi. Sharaɗin maki biyu ne: gwajinsu duka ya wuce a kan lafiyayyen, kuma kowane mai lahani ya faɗi aƙalla gwaji ɗaya.

Ga irin abin da mai koyo kan fara rubutawa da `pytest`:

```python
def test_kalkuleta():
    assert tara(2, 2) == 4
    assert debe(5, 3) == 2
    assert ninka(3, 4) == 12
    assert raba(10, 2) == 5
```

Babu ƙarya ko ɗaya a layukan nan. Idan kowane aiki layi ɗaya ne a lafiyayyen kalkuletan, to gwajin ya taka kowane layi, kuma ma'aunin da ke ƙirga layukan da aka taka zai nuna ɗari bisa ɗari. Duk da haka, cikin masu lahani biyar ɗin guda ɗaya tak zai kama, na biyu, domin 3 a cire 5 ba ya ba da 2. Na farko zai sulale saboda 2 da 2 huɗu ne, 2 sau 2 ma huɗu ne. Na uku zai sulale saboda amsar ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Na huɗu kuwa, 10 ta rabu da 2 ba saura, don haka `//` da `/` sun yi daidai. Na biyar ba a ma taɓa shi ba. Gwajin ya zama rariya mai manyan ramuka: ga ta a hannu, amma tsakuwa na wucewa.

A nan ne darasin yake, kuma bai kamata malami ya yi gaggawar ba da amsa ba. Ya sanar da ɗalibi cewa huɗu sun tsere, ya bar shi da tambaya ɗaya a kan kowane layi: wane kuskure ne zai iya ba da wannan amsar ita ma? Wanda ya yi wa `tara(2, 2)` wannan tambayar zai gano da kansa cewa 2 da 2 ba su iya rarrabe tarawa da ninkawa, sai ya koma `tara(2, 3)`, inda mai lahani zai ba da 6. Wanda ya rubuta `debe(3, 5) == -2` zai kama na biyu da na uku a lokaci guda, domin dukansu 2 za su bayar. `raba(7, 2) == 3.5` kuma zai tona na huɗu, wanda zai ce 3. Yawan layukan bai ƙaru sosai ba, zaɓin lambobi ne ya canza, kuma zaɓin lambobi shi ne sana'ar.

Rabawa da sifili tana da nata darasin. Ba za a iya gwada abin da ba a yanke hukunci a kansa ba, saboda haka dole bayanin malami ya faɗi ƙarara cewa `raba` zai jefa `ZeroDivisionError`.

```python
import pytest

def test_raba_da_sifili():
    with pytest.raises(ZeroDivisionError):
        raba(1, 0)
```

Wannan ne karo na farko da ɗalibi da yawa ke ganin cewa ƙin ba da amsa ma hali ne da ake buƙata daga manhaja. Kalkuletan da ya mayar da 0 shiru ya fi wanda ya tsaya haɗari, domin lambar ƙaryar za ta shiga lissafi na gaba ba wanda ya lura.

Sharaɗi na farko, wato gwaji ya wuce a kan lafiyayyen, shi ma yana da ranarsa. Ɗalibi mai himma zai rubuta `tara(0.1, 0.2) == 0.3`, sai gwajin ya faɗi a kan kalkuletan da ba shi da laifi, domin Python zai ba da `0.30000000000000004`. Dalili shi ne kwamfuta tana ajiye irin waɗannan lambobi a tsarin sifili da ɗaya bisa ƙa'idar IEEE 754, wadda aka fara fitarwa a 1985, kuma 0.1 ba ta da cikakken wakilci a wannan tsari. Maganin shi ne `pytest.approx(0.3)`, mai kwatanta lambobi da ɗan rangwame. Ɗalibi ya fita da sanin cewa idan gwaji ya faɗi, wani lokaci laifin na gwajin ne.

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan tsari: ɗalibai za su koyi karanta zuciyar malami ne, su kama irin kurakuran da ya saba dasawa, alhali kuskuren gaske ba ya bin jerin kowa. Gaskiya ne. Gwajin da ya kama biyar cikin biyar bai tabbatar da lafiyar manhaja ba, ya dai nuna cewa waɗannan biyar ba su ciki. Abin da ke rage matsalar shi ne zagaye na biyu, inda za a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya dasa nasa lahanin da yake ganin gwajin maƙwabtansa ba zai kama ba. Sai dai malami ya duba kowane dashe kafin ya karɓa. Wanda ya mayar da `a + b` ya koma `b + a` bai ɓata komai ba ga lambobi, kuma babu gwajin da zai kama shi, don haka rage wa wani maki a kansa zalunci ne. Haka nan wanda ya sa kalkuleta ya yi kuskure a kan lamba ɗaya tak da ya ɓoye, ya shirya caca ne, ba irin kuskuren da mai rubuta manhaja kan yi ba.

Kirana ga malaman da ke koyar da wannan darasi shi ne su daina ba da maki a kan yawan gwajin da ya wuce ko yawan layukan da aka taka. Su ba da shi a kan lahanin da aka kama, kuma su nemi kowane ɗalibi ya rubuta jimla ɗaya a saman kowane gwaji da ke faɗin kuskuren da aka yi shi domin kamawa.