Muhasabar Dare a Zauren Zazzau: Tambayar da Ke Kai Mutum ga Biya

Almajirin da ya buɗe Ahalari a zauren malaminsa a Unguwar Juma ko Ƙona, cikin birnin Zariya, yakan ci karo tun a shafukan farko da batun tuba da haramcin cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, tambayoyin da mutum zai yi wa kansa bayan lisha ba su da amfani sai an gina su a kan wannan darasi, wato kowace tambaya ta ƙare da abin da za a biya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jera matakai shida na kula da rai a Ihya'u, kuma muhasaba ce ta uku. Kafin ita akwai sharaɗin da mutum zai gindaya wa ransa da safe, sannan sa ido a tsawon yini. Ya kwatanta al'amarin da lissafin ɗan kasuwa: farillai su ne uwar kuɗi, nafilfili riba, saɓo kuwa hasara. Ke nan wanda bai ƙulla komai da asuba ba, ba shi da abin da zai auna da dare.

A ɗauki maɗinkin babbar riga da ya yi alkawarin gama aikin aska takwas kafin Juma'a. Idan ya tambayi kansa ko yau ya kyauta, amsar za ta bi yanayin zuciyarsa ne kawai. Amma idan ya ce, wace salla ce ta fita daga lokacinta, zai tuna la'asar ta kai har rana ta yi ja-ja yana wajen sayen zare. Idan ya ce, wa na faɗa wa abin da ba haka yake ba, zai tuna ya gaya wa mai rigar saura kaɗan, alhali ko aljihun bai taɓa ba. Ta ukun ita ce mai wuya: me ya jawo? A nan zai gane ba zare ne ya cinye yinin ba, hirar majalisa ce bayan azahar. Laifin farko tsakaninsa da Allah ne, istigfari da kiyaye lokaci gobe. Na biyu kuwa sai ya je ya faɗa wa mai riga gaskiya.

Wasu za su ce istigfarin da ake yi a wuridi ya wadatar. Falalarsa ba abin musu ba ce, sai dai bai ambaci sunan wanda aka cuta ba, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta mayar da haƙƙi ko neman yafiya. Sukar da ta fi nauyi ita ce, binciken kai kullum yana haifar da waswasi. Haka ne, kuma alamarsa a fili take: mutum ya riƙa maimaita laifi ɗaya dare bayan dare ba tare da wani mataki ba, ko ya koma shakkar alwalar da ya riga ya yi salla da ita. Maganinsa iyaka. Tambayar da amsarta ba ta haifar da ramuwa, biya, neman gafara ko sabon sharaɗin gobe ba, a cire ta daga lissafin dare.