Ƙugiya a Cikin Gwaji: Yadda Yawan Cuta Ke Ɓoye Kansa

Da damina, a ƙananan asibitocin Tsafe da Bungudu, ɗigon jini guda kan ɗan faifan gwaji ne ke yanke hukunci a kan zazzaɓin yaro. Haka lamarin yake tun bayan 2010, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tabbatar da maleriya kafin a ba da magani. Sai dai wannan gwaji yana da wani tsohon rauni: idan cutar ta yi yawa ƙwarai, layin na iya dusashewa.

Masana sun daɗe da sanin tushen abin. A shekarun 1930, Michael Heidelberger da Forrest Kendall sun auna yadda antibodi ke haɗuwa da abin da yake kamawa, suka ga cewa gudajin da haɗuwar ke samarwa yana ƙaruwa zuwa wani matsayi, sannan ya ragu idan abin ya yi yawa. A 1974, Laughton Miles da abokan aikinsa suka ci karo da irin wannan a awon feritin na jini. Zanen sakamakon ya hau, ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙugiya, sunan kuma ya bi shi.

Dalilin kuwa shi ne, gwajin yana aiki da antibodi biyu. Ɗaya yana kafe a kan layi, ɗayan yana ɗauke da launi. Layi ba ya fitowa sai ƙwayar furotin guda ta shiga tsakaninsu ta haɗa su. Idan furotin ya yi ambaliya, kowane antibodi sai ya kama nasa daban, mai launin ya wuce ba tare da ya maƙale ba.

A 2009, Philippe Gillet da abokansa a Antwerp suka nuna haka a faifan maleriya masu neman furotin HRP2, ba su kuma gan shi a masu neman pLDH ba. Galibi layin dusashewa yake yi, ɓacewarsa gaba ɗaya ba ta cika faruwa ba.

A ƙaddara an kawo yaro Gusau yana suma, amma layinsa da ƙyar ake ganinsa. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai haɗa kashi 1 na jinin da kashi 9 na ruwan gishirin asibiti, ya sake gwadawa a sabon faifai. Bisa al'ada layin ƙara dusashewa zai yi. Idan ya ƙara duhu, ƙugiya ce. A na'ura mai ba da lamba, sai a ninka sabon sakamakon sau 10.

Tsarmawa tana da iyaka. Ba ta tona ƙwayar cutar da ba ta samar da HRP2 sam, domin babu abin da za a kama. Nan madubin likita ne alƙali, kuma yaron da ke da alamun maleriya mai tsanani ba a jinkirta masa magani don jiran layi ya yi duhu.